Hadiskin waje ya ƙi fitowa ko yana neman a yi masa fomatin: yadda ake gano matsalar kafin a rasa fayiloli

Ka jona hadiskinka a laftof kamar kullum, sai ga wani ɗan akwati ya fito yana cewa "You need to format the disk in drive E: before you can use it", da maɓallai biyu a ƙasa. Danna "Cancel". Wannan saƙon bai ce fayilolinka sun tafi ba. Abin da yake nufi shi ne Windows ta duba farkon hadiskin ba ta gane tsarin da ta gani ba, ita kuwa duk abin da ba ta gane ba fomatin take ba shi a matsayin magani. Kamar ɗakin karatu ne da littafin rajistarsa ya yage: littattafan suna nan a kan kantoci, takardar da ke nuna inda kowanne yake ce ta samu matsala.

Duk abin da zai biyo baya a kan ƙa'ida ɗaya ya ginu: kada a rubuta komai a kan hadiskin nan sai an kwashe abin da ke ciki. Fomatin rubutu ne. "Initialize Disk" rubutu ne. `chkdsk /f`, wato umarnin Windows na gyara hadiski, rubutu ne, haka ma "Scan and fix". Karantawa kaɗai ce aka yarda da ita, ita ma ba a kowane hali ba, kamar yadda za mu gani.

Fara da kunne, ba da manhaja ba

Kashe fanka da rediyo, ka jona hadiskin, ka kara shi a kunne ko ka ɗora tafin hannu a kansa. A cikinsa akwai faifai mai juyawa, galibi sau 5,400 a minti ɗaya a ƙananan na aljihu, da wata allura da ke shawagi a samansa ba tare da ta taɓa shi ba. Lafiyayye za ka ji ya tashi da ɗan gurnani mai laushi, ya yi ɗan ƙas-ƙas sau ɗaya ko biyu, sannan ya daidaita.

In kuwa ka ji yana ƙwas, ƙwas, ƙwas a jere, ya tsaya, ya sake, ko kana jin ƙarar gogar ƙarfe, cire shi nan take. Wannan alama ce allurar ta kasa karanta faifan, wataƙila ma tana kartarsa. Musamman in ka san ya faɗi ƙasa, ko da daga kan tebur ne. Duk jonawar da ka ƙara a wannan hali tana iya kankare saman faifan, abin da aka kankare kuma babu ƙwararren da zai dawo da shi a duniya. Babu manhajar da ke gyara allura. Kada a saka shi a firji, kada a bubbuga shi, kada a kwance murfin ƙarfen a leƙa. Tazarar da ke tsakanin allura da faifai ta fi ƙwayar ƙurar hunturu ƙanƙanta nesa ba kusa ba.

Akwai sauti na uku mai rikitarwa: ɗan kuka siriri, kamar yana yunƙurin tashi ya kasa. Abu biyu ne ke kawo shi, ko wuta ba ta ishe shi ba, ko allurar ta manne a kan faifai. Ana raba su da gwaji ɗaya tak: canza waya da kafar USB sau ɗaya. In kukan bai canza ba, ka ɗauka na biyun ne, ka ajiye shi.

Waya, kafa da wuta

Kaso mai yawa na hadiskin da ake kaiwa wurin masu gyara a Wuse da sunan ya mutu, wayarsa ce ta gaji. Ƙaramin hadiski mai inci 2.5 daga kafar USB yake shan wutarsa. Kafar USB 2.0 an ƙayyade mata 500mA, ta USB 3.0 kuma, wadda galibi cikinta shuɗi ne, 900mA. Lokacin tashi ne injin ke buƙatar wuta mafi yawa, don haka kafa mai rauni za ta kunna fitilar hadiskin amma ba za ta iya juya faifan ba. Fitila ba shaida ba ce.

Jona shi kai tsaye a jikin kwamfuta, ba ta cikin abin raba kafofi ba. In kwamfutar tebur ce, yi amfani da kafofin baya, na gaba kan yi rauni. Saka laftof a caji. Nemi wata gajeruwar waya wadda ka tabbatar tana aiki da wani hadiskin. In bakin hadiskinka mai faɗin nan ne mai kamar an haɗa baki biyu, tsohuwar wayar cajin Android mai ƙaramin baki za ta shiga ɓangare ɗaya na ramin ta yi aiki a saurin USB 2.0, muddin mai ɗaukar bayanai ce ba ta caji kawai ba. Duba ramin da kansa da tocilan: in yana girgiɗi, ko hadiskin yana ɗaukewa da zarar an taɓa wayar, dalmar da ta riƙe shi ce ta saki.

Babban hadiski na tebur, mai inci 3.5, yana da nasa adaftan, yawanci 12V. A nan ne ake tafka ɓarna a ofisoshi: adaftan laftof 19V yake bayarwa, bakinsa kuma wani lokaci yana shiga ramin daidai. Jonawa ɗaya ta isa ta ƙona fanel ɗin, wato allon lantarkin da ke jikin hadiskin. Karanta rubutun jikin adafta kafin ka jona.

Sannan gwada shi a wata kwamfutar. Ka kuma tambayi kanka inda aka yi amfani da shi na ƙarshe. Hadiskin da aka tsara a Mac, ko wanda na'urar kyamarar tsaro ko talabijin ta yi wa nata tsarin, Windows ba ta iya karanta shi, kuma tana iya neman a yi fomatin alhali lafiyarsa lau. Mayar da shi inda ya fito shi ne gwajin.

Abin da Windows ke gani

Danna maɓallin Windows tare da R, ka rubuta:

```
diskmgmt.msc
```

In akwatin "Initialize Disk" ya taso yana tambayar MBR ko GPT, danna "Cancel". Duba rabin ƙasa na shafin, ka nemi hadiskinka ta girmansa. Na tera 1 zai nuna kusan 931 GB, na tera 2 kusan 1863 GB. Ba cuta ba ce, bambancin lissafi ne tsakanin masu ƙerawa da Windows. Girman nan shi ne mafi muhimmancin abin da ke shafin, domin in ya fito daidai, hadiskin yana iya karanta bayanan kansa, wato allura da fanel suna aiki gwargwado.

In ka ga girma daidai, an rubuta NTFS ko exFAT da "Healthy", amma babu harafi irin E: ko F:, ka yi sa'a. Danna-dama a kansa, zaɓi "Change Drive Letter and Paths", ka ba shi harafi. Wannan a cikin Windows ake ajiye shi, ba ya taɓa fayilolinka.

In an rubuta RAW, fatishin, wato sashen hadiskin da aka ware wa fayiloli, yana nan amma tsarin fayilolin ne bai karantu ba. In an rubuta "Unallocated" da baƙin layi a sama, jadawalin fatishin ne ya ɓace. Dukansu biyu ana ceto su sau da yawa. Amma in ka ga "Unknown" da "Not Initialized" kuma babu girma, ko ya nuna sifili ko wani adadi na shirme, to matsalar ta jiki ce, ba ta manhaja ba. Haka in shafin ya daskare da zarar ka jona hadiskin, ya kuma saki da zarar ka cire: hadiskin yana ta fama da wuraren da ya kasa karantawa, Windows kuma tana jiransa.

In bai fito ko kaɗan ba, buɗe `devmgmt.msc` ka duba ƙarƙashin "Universal Serial Bus controllers". Ganin "Unknown USB Device (Device Descriptor Request Failed)" bayan ka canza waya da kwamfuta yana nuna ƙaramin fanel ɗin da ke haɗa USB da hadiskin ne ya lalace. A hadiskai da yawa, kamar ƙananan Seagate, in aka ɓalle kwanson robar za a tarar da hadiskin laftof na yau da kullum mai bakin SATA, sai a saka shi a sabon kwanso. Amma a yi hattara. Ƙananan WD irin My Passport da Toshiba Canvio da yawa bakin USB ɗinsu a jikin fanel ɗin hadiskin yake, babu abin cirewa. Wasu manyan na tebur kuma, irin My Book, kwanson ne ke kulle bayanan da lambar sirri ko ya canza yadda ake ƙirga gurabe, wato ƙananan sassan faifai da ake rubuta bayanai a ciki. In aka zare hadiskin aka jona shi kai tsaye sai ya nuna RAW ko babu komai, mai shi ya zaci ya lalace. Kada a jefar da tsohon fanel sai an gama aiki.

RAW iri biyu ne

Nan ne mutane suka fi yin kuskure, har da waɗanda suka san kwamfuta. Akwai RAW da ya faru saboda an fizge waya ana tsakiyar rubutu, ko an ɗauke wuta a babban hadiskin da ba ya kan inbata. Faifan lafiyarsa ƙalau, rubutun ne ya tsaya a rabi. Akwai kuma RAW da ya faru saboda faifan ya fara ruɓewa, gurbin da ya lalace kuma ya faɗo daidai kan rajistar. A fuskar Windows kamarsu ɗaya. Maganinsu ne ya bambanta, domin na biyun in ka sake masa manhajar bincike ta yi ta tonon sa'o'i, ƙarasa shi za ta yi.

Ana raba su da manhajar CrystalDiskInfo, kyauta ce, kuma rahoton da hadiskin ke ajiyewa game da lafiyar kansa kawai take karantowa. Ka saka ta a kwamfutarka, ba a hadiskin mara lafiya ba. Za ta nuna "Good", "Caution" ko "Bad", amma kada ka tsaya nan. Duba layi uku a shafin "Raw Values": 05, wato guraben da suka lalace aka musanya su, C5, guraben da ya kasa karantawa yanzu haka, da C6, waɗanda suka gagara gaba ɗaya. In duka sifili ne, alamu sun nuna matsalar rubutu ce. In C5 ya wuce sifili, ko da kaɗan ne, ka ɗauke shi a matsayin mara lafiya, musamman in adadin yana ƙaruwa tsakanin dubawa biyu. Duba zafinsa ma. A zafin Maris da Afrilu na Abuja, hadiskin da ke cikin kwanson roba yana aikin sa'o'i zai iya haura digiri 50. Kafa masa fanka.

Game da `chkdsk`: shawara ce da kowa ke bayarwa, kuma mummuna ce a wannan matakin. Aikinsa ya daidaita rajista ko ta halin ƙaƙa, ba ya ceci fayilolinka ba. In ya tarar da shigarwar da bai gane ba yana iya yanke ta, ko ya tara guntaye a wata folda mai suna `found.000`. Abin da ya canza kuma ba ya komawa. Sau da yawa ma a kan RAW ƙin aiki zai yi.

A kwafe shi ɗungurungum tukuna

Mu ɗauki misali. Mai ɗaukar bidiyon biki a Kubwa yana da hadiski na tera 1, da aikin mutane kusan giga 600 a ciki. Yana neman fomatin. Sautinsa lafiya, girmansa ya fito 931 GB, RAW, amma C5 ya nuna ƴan gurabe. Hanyar da ta dace ita ce a yi kwafin hadiskin gaba ɗayansa, gurbi bayan gurbi, zuwa fayil guda a kan wani lafiyayyen hadiski, sannan duk gwaje-gwaje a yi su a kan kwafin. In an yi kuskure a kan kwafi, asalin yana nan.

Yana buƙatar sabon hadiski na tera 2. Dalili: kwafin zai ci 931 GB cif, ko da rabin hadiskin babu komai, sannan ana buƙatar wani giga 600 na zuba fayilolin da aka ceto. Sabon ya zama NTFS ko exFAT, domin FAT32 ba ya karɓar fayil da ya kai giga 4. In zai saya a Banex ko wata kasuwar, ya gwada shi kafin ya dogara da shi, don hadiskin da arharsa ta yi yawa wani lokaci ƙaramin filashi ne aka ɓoye a kwanso yana ƙaryar girma.

Kayan aikin shi ne ddrescue, a kan Linux yake aiki. Ba sai an sauya Windows ba. Ana saka Ubuntu, wani nau'in Linux, a filashi na giga 8, a tada kwamfuta daga kansa, a zaɓi "Try Ubuntu". Fifikon ddrescue shi ne in ya tarar da wuri mai wuya ba ya nacewa a kai. Tsallakewa yake ya kwashe masu sauƙi tukuna, kuma yana rubuta inda ya tsaya a wani ɗan fayil, ta yadda in wuta ta ɗauke zai ci gaba daga nan. Bayan an haɗa intanet, a buɗe Terminal, wato wurin rubuta umarni:

```
sudo add-apt-repository universe
sudo apt update
sudo apt install gddrescue testdisk
lsblk -o NAME,SIZE,MODEL
```

Layin ƙarshe zai jero hadiskan da ke jone da girmansu da sunan ƙirarsu. A nan ake natsuwa. A ce mara lafiyar shi ne `sdb` mai 931.5G, sabon kuma sunansa SABO, an buɗe shi a manhajar fayiloli. Sai a rubuta:

```
cd /media/ubuntu/SABO
sudo ddrescue -n /dev/sdb kwafi.img kwafi.map
```

Wanda ake karantawa shi ne na farko, inda ake zubawa na biyu. Sunaye irin su `sdb` da `sdc` suna iya canzawa duk lokacin da aka sake tada kwamfuta, saboda haka a sake duba `lsblk` kowane karo. Alamar `-n` tana hana shi tsayawa tonon wuraren da suka lalace a zagayen farko. A kafar USB 3.0 lafiyayyen tera 1 kan ɗauki kamar sa'a uku; a USB 2.0 ya kai takwas zuwa tara. Mara lafiya kuwa yana iya kwana yana yi. A hana laftof barci, a tanadi inbata ko janareta.

Ka sa ido kan layin "pct rescued". In ya kai 99 da ɗoriya, ana iya sake zagaye ɗaya da `-r1` a madadin `-n`, da fayilolin nan biyu dai, don a gwada ragowar. In kuwa saurin ya faɗi ƙasa warwas, kurakurai suna ta hauhawa, ko hadiskin ya fara ƙwas-ƙwas, danna Ctrl da C ka cire shi. Ya wuce aikin gida. Ajiye `kwafi.img` da `kwafi.map`, za su yi wa ƙwararre amfani.

Fito da fayiloli daga kwafin

Yanzu a cire mara lafiyar a ajiye shi gefe, a koma kan kwafin:

```
sudo testdisk kwafi.img
```

Zaɓi "Proceed", ka bar nau'in jadawalin da ya zaɓa da kansa, galibi "Intel" ko "EFI GPT". Tunda a misalinmu RAW ne, shiga "Advanced", zaɓi fatishin, sannan "Boot". NTFS yana ajiye madadin gurbinsa na farko a can ƙarshen fatishin, don haka sau da yawa za ka ga na farkon "Bad", na ajiyar kuma "OK". Zaɓi "List". In foldodinka sun bayyana da sunayensu, danna `a` don zaɓar duka, sai babban `C` don kwafewa, ka nuna masa wata folda a kan sabon hadiskin. In da "Unallocated" ne, ta "Analyse" da "Quick Search" ake bi, a danna `P` a kan fatishin da ya samo don a leƙa cikinsa.

In TestDisk bai nuna komai ba, DMDE ko R-Studio sukan iya harhaɗa rajistar da ta fi lalacewa, kuma dukansu suna buɗe fayil ɗin kwafi. PhotoRec, wanda ke zuwa tare da TestDisk, shi ne na ƙarshe: ba ya duba rajista sam, yana tsinto fayiloli ne ta alamar farkonsu, don haka za su dawo babu suna babu folda, manyan bidiyoyin da suka warwatsu a faifai kuma kan dawo a karye. Ga mai bidiyon biki wannan ba ƙaramin ciwon kai ba ne, shi ya sa ba a fara da shi.

Ganin sunan fayil ba ya nufin fayil ɗin lafiya. Buɗe bidiyoyi da dama ka ja su zuwa tsakiya da ƙarshe, buɗe hotuna da takardu daga foldodi daban-daban, ka kwatanta jimillar girman da abin da ka san kana da shi.

In an riga an danna fomatin

Cire shi yanzu, kada a zuba masa ko fayil ɗaya. Fomatin mai sauri, wanda aka bar alamar "Quick Format", sabuwar rajista kawai yake shimfiɗawa, yawancin bayanan suna nan, kuma hanyar kwafi da aka bayyana tana aiki. In an cire alamar aka bar shi ya kammala, Windows tun daga Vista sifili take rubutawa a ko'ina, babu abin da ya rage. Akwai kuma tarko a SSD da wasu sababbin hadiskai masu karɓar umarnin TRIM: ko fomatin mai sauri ne, na'urar da kanta takan fara share wuraren a ɓoye muddin tana samun wuta. Irin wannan kada a sake jona shi don "a duba".

In ya zama dole a kai shi wurin mai gyara, tambaye shi abin da zai fara yi. In ya ce zai yi kwafin hadiskin tukuna, ya kuma nemi ka kawo wani hadiskin da za a zuba, ya san aikin. In ya ce zai yi fomatin sannan ya dawo da fayilolin, ko zai buɗe murfin a kan teburin shago, karɓi kayanka. Canza fanel ma ba a yin sa da ka: a hadiskan zamani akwai ɗan guntu a jikin fanel mai ɗauke da bayanan daidaita wannan hadiskin shi kaɗai, dole a ciro shi a mayar kan sabon. Gaya masa gaskiyar abin da ya faru, ko ya faɗi, ko an gwada `chkdsk`, da sau nawa aka jona shi bayan ya fara ƙara, ku kuma yi ciniki a kan foldodin da ka fi buƙata, a fara da su.

Hadiskin da lambobinsa uku suka nuna sifili, bayan ka tabbatar fayilolinka sun buɗe a wuri biyu daban, ana iya yi masa cikakken fomatin a sake duba lambobin. In suna nan a sifili ya koma aiki. Wanda C5 ko 05 ɗinsa ya motsa kuwa, ko fomatin ya sa ya koma nuna "Good", kada a sake ba shi ajiyar abin da ba shi da kwafi a wani wuri.